"Ka yafe mini komai" ko "Na tona asirinka": da wanne za a fara ba da haƙuri?

Duk wanda ya ɓata wa wani rai, kuma ya yanke shawarar zuwa ya ba shi haƙuri, hanya biyu ce a gabansa tun kafin ya buɗe baki. Ko dai ya yi wa laifin kuɗin goro, ya ce "don Allah ka yafe mini duk abin da na yi maka", ko kuma ya kama sunan abin da ya yi, ya faɗi inda ya taɓa mutumin. Ta farko ta fi sauƙin fita daga baki, kuma a kunne tana da kama da cikakken ƙanƙan da kai, tunda mai faɗinta bai ware komai ba. Ta biyu tana da nauyi, don sai mutum ya maimaita abin kunyarsa da bakinsa. Ni dai ra'ayina shi ne, a zama na farko bayan ɓacin rai, ta biyun ce ke gyara. Amma akwai wuraren da ba ta dace ba, kuma akwai yadda ake yinta ta fi ta farkon muni, don haka zaɓin yana buƙatar a duba shi da kyau.

A ɗauka cewa wa da ƙane ne. An sallami ƙanen daga aiki, bai gaya wa kowa ba sai yayansa, ya kuma roƙe shi ya rufa masa asiri har ya samu yadda zai shaida wa matarsa da kansa. Bayan kwana biyu 'yan'uwa suna zaune tare, matar ƙanen na wurin, musu ya kaure a kan wata hidima da za a haɗa hannu a yi. Ran yayan ya ɓaci, ya ɗaga murya ya ce, "Kai da ko aikin ma ba ka da shi, me kake cewa?" Wuri ya yi tsit. Matar ta dubi mijinta. Ƙanen ya tashi ya fita, kuma tun daga ranar ya daina ɗaga kiran yayansa.

Abu uku ne suka faru a cikin jimla ɗaya. An ɗaga masa murya a gaban mutane. An yi masa gori da halin da yake ciki. Sannan an fasa amanar da ya bayar, ta yadda matarsa ta ji labarin daga bakin wani, ta kuma gane a take cewa mijinta ya ɓoye mata abin da ya gaya wa yayansa. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaga murya abu ne da wa da ƙane suka saba mantawa kafin gari ya waye. Gorin yana da zafi. Amma abin da ya bi ƙanen har cikin ɗakinsa, ya bar shi yana yi wa matarsa bayani har dare ya raba, shi ne na ukun.

To, yayan ya zo ya ce: "Ƙanena, ka yi haƙuri da duk abin da ya faru. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini. Mu 'yan'uwa ne." Maganar ba ƙarya a cikinta, mai yiwuwa ma da hawaye ya faɗe ta. Sai dai a dubi abin da ta bar wa ƙanen. Bai san ko yayansa ya gane cewa amana ya ci ba, ko kuwa a ganinsa hayaniyar ce kawai laifin. Idan yana so ya sani, dole shi ya buɗe maganar, ya ce "ka san fa abin da ka ja mini a gida?" Wato wanda aka cuta shi ne zai sake tono ciwon, shi ne zai jero laifin, a gaban babban wansa da ya riga ya sunkuyar da kai. Da zarar ya yi haka, shi ne zai zama mai riƙo, wanda aka ba haƙuri ya ƙi haƙura. Shi ya sa yawancin mutane a wannan matsayi sai su ce "ba komai, ya wuce", alhali babu abin da ya wuce. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga kuma ɗaya hanyar. Yayan ya same shi shi kaɗai ya ce: "Ka gaya mini maganar aikinka ne a matsayin amana, ka ce in riƙe har ka faɗa wa matarka da kanka. Na faɗe ta a gabanta da gaban kowa, kuma da gori na faɗa, don in rufe maka baki a musu. Na hana ka damar gaya mata yadda ka so, na sa ta ji daga bakina. Laifina ne, ba ni da hujja. Ka yi haƙuri." Jimla biyar ce ko shida, ba ta kai minti ɗaya ba. Amma ƙanen ya samu amsar tambayar da ke cin ransa tun ranar, wato ko yayan nan ya san abin da ya yi. Ya sani. Ba sai an koya masa ba, ba sai an yi jayayya a kan yadda abin ya faru ba. Maganar da za ta biyo baya za ta fara ne daga inda ya kamata, wato yadda za a gyara.

Bambancin farko ke nan, kuma shi ne babba: wanda aikin ya hau kansa. A haƙurin kuɗin goro, mai laifi ya miƙa buƙata ce, a yafe masa, ya bar wa ɗan'uwansa aikin tantance abin da za a yafe. A haƙuri mai kama suna, mai laifi ya yi wannan aikin tun kafin ya zo. Kamar mai bashi ne da ya zo ya ce "zan biya duk abin da kake bina", da wanda ya ce "rana kaza na karɓi kaza, ga shi". Na farkon ya bar ka da lissafi da fargabar musu, na biyun ya nuna maka cewa abin yana ransa kamar yadda yake ranka.

Masu bincike sun gwada wannan ta wata fuska. A shekarar 2016, Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, tare da Beth Polin da Robert Lount, sun rarraba ban haƙuri gida shida: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, ɗaukar alhaki, alkawarin ba za a sake ba, tayin gyara ɓarna, da roƙon yafiya. Suka ba mutum 755 labarin wani mai neman aiki da ya taɓa yin kuskure a takardun haraji a wurin aikinsa na baya, suka riƙa sauya sassan da ke cikin haƙurin da ya bayar, don a ga wanne ya fi shiga ran mai sauraro. Ɗaukar alhaki ne ya zo kan gaba, tayin gyara ya biyo shi. Wanda ya zo ƙarshe shi ne roƙon yafiya. Gaskiya ne labarin wurin aiki ne aka karanta a takarda, ba rikicin wa da ƙane ba, don haka bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka abin lura ne cewa "ka yafe mini komai" kusan roƙon yafiya ne zalla, wato sashen da ya fi kowanne rauni, shi kaɗai ba tare da sauran ba. Kuma ba a ɗaukar alhakin abin da ba a faɗa ba. Wanda ya ce "duk laifina ne" bai riga ya amsa ko da laifi ɗaya takamaimai ba.

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi abin da cutarwa ke ƙwace wa mutum. Nurit Shnabel da Arie Nadler, masana halayyar ɗan'adam a Jami'ar Tel Aviv, sun nuna a 2008 cewa bayan an yi laifi, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Wanda aka cuta ya rasa ƙarfi da daraja, yana so a dawo masa da su. Mai laifi kuwa abin da ya girgiza shi ne matsayinsa na mutumin kirki, yana so a sake karɓarsa. Idan aka auna hanyoyin biyu da wannan ma'auni, sai a ga haƙurin kuɗin goro buƙatar yayan yake biya: yana so a ce masa har yanzu shi yaya ne, zumunci bai yanke ba. Jimlar nan ta "mu 'yan'uwa ne" ma tunatarwa ce ga ƙanen cewa akwai abin da ake jira ya yi. Haƙuri mai kama suna kuwa buƙatar ƙanen yake biya, don yana ce masa: yadda ka ga abin haka yake, ba ka yi zafin rai a banza ba, abin da aka taɓa maka yana da daraja. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya kwana yana tambayar kansa ko shi ne ya ɗauki abin da zafi.

Dalilin da ya sa nake nanata zama na farko shi ne, shi ke kafa labarin da za a ci gaba da shi. Kafin a ba da haƙuri, wanda aka ɓata wa yana cikin jira, bai gama yanke hukunci ba a kan ko kuskure ne ko hali. Kalmomin farko da ya ji su ne shaidar da zai yi hukunci da ita. Idan suka zo a dunƙule, abin da ya fi saurin zuwa ransa shi ne: ko dai bai gane ba, ko ya gane amma ba ya son faɗa. Kowanne cikin biyun sabon ciwo ne a kan na farko. Daga nan kuma gyara ya ƙara wuya. Idan yayan ya dawo bayan mako guda ya kama sunan laifin, ƙanen zai iya cewa a ransa, sai da aka matsa masa, ko sai da wani ya gaya masa. Kalmomi iri ɗaya ne, amma sun rasa rabin nauyinsu, don ba su ƙara zama shaidar cewa shi da kansa ya zauna ya yi tunani ba. Ga kuma matsalar da "ba komai" ke haifarwa: da zarar an furta ta, a fili an rufe maganar. Ƙanen ba shi da ƙofar sake tayar da ita sai a ce yana tono abin da ya wuce. Sai ta koma cikin ciki, ta riƙa fitowa a matsayin gajeriyar gaisuwa da ƙin sake gaya wa yayan wani sirri.

Kada a ɗauka dai cewa kama suna ba shi da haɗari. Yana da shi, kuma mafi girma shi ne kama sunan da ba shi ba. Da yayan zai ce, "Ka yi haƙuri da na ɗaga maka murya a gaban mutane", ya fayyace, amma ya zaɓi mafi arha cikin laifuka uku. Wannan ya fi kuɗin goro ciwo. Haƙurin dunƙule aƙalla ya bar ƙanen da zaton wataƙila yayansa ya gane. Wannan kuwa ya tabbatar masa cewa ko dai bai ga amanar da ya ci ba, ko kuma yana neman ya biya ƙarami a yafe masa babba. Mutane da yawa suna yin haka ba da gangan ba, don zuciya tana karkata ga laifin da ya fi sauƙin faɗa. Akwai gwaji mai sauƙi da mutum zai yi wa kansa kafin ya tafi: cikin abubuwan da na yi, wanne ne na fi ƙin in furta? Sau da yawa shi ne wanda ake jiran ji.

Haɗari na biyu shi ne bayani ya rikiɗe ya zama kare kai. Tunda mai fayyacewa yana ba da labarin abin da ya faru, sai ya ji yana so ya haɗa da dalilinsa. "Na faɗi maganar aikinka, amma kai ma ka san yadda ka yi mini magana a gaban yara." Daga "amma" zuwa ƙasa, haƙuri ya ƙare, shari'a ta fara. Haka ma "idan": "idan abin da na faɗa ya ɓata maka rai" yana nuna kamar ana shakkar an yi ɓarna, alhali mutum ya tashi ya bar wuri a kan idon kowa. Bayani yana da gurbinsa, binciken Lewicki ma ya lissafa shi cikin sassa shida. Amma akwai bayanin da ke ƙara wa mai laifi nauyi, irin "na faɗa ne don in ci ka a musu", akwai kuma wanda ke sauke masa, irin "raina ne ya ɓaci, ka san halina". A zama na farko na farkon ne ke da amfani. Idan ƙanen ma yana da nasa laifin a musun, wannan magana ce ta wata rana, kuma sau da yawa shi da kansa zai kawo ta idan ya ga ba a yi ciniki da ita ba.

Na uku ya fi waɗannan siriri. Kama sunan abin da ka yi daban, yanke wa mutum abin da ya ji daban. Yayan ya san tabbas abin da ya faɗa, ya san wa ke wurin, ya san alkawarin da ya karya. Bai san tabbas abin da ya faru a ɗakin ƙanensa ba. Idan ya ce "na san ka ji kunya ƙwarai, na san na wulaƙanta ka", mai yiwuwa ya dace, mai yiwuwa kuma ya sa wa ƙanen rigar da ba ya so, musamman idan ba kunya ce ta fi damunsa ba. Abin da ya fi aminci shi ne mutum ya yi magana da tabbaci a kan aikinsa da sakamakon da ya gani da ido, sannan ya bar ƙofa a buɗe ga sauran: "Wannan shi ne abin da na gani. In akwai abin da ya ja maka da ban sani ba, ina so in ji." Wannan jimla ta ƙarshe tana yin aikin da mutane ke zaton kuɗin goro na yi, wato rufe abin da ba a sani ba, amma ba tare da ta share wanda aka sani ba.

Sai batun lokaci, wanda yake da alaƙa da zaɓin fiye da yadda ake tsammani. Haƙurin kuɗin goro ana iya ba da shi nan take, don ba ya buƙatar tunani. Wannan ne ma ya sa yake jan hankali: mutum yana cikin zafin kunya, yana so a kashe wutar yanzu. Mai kama suna yana buƙatar mutum ya fahimci abin da ya ɓata, wani lokaci kuma sai ya saurara kafin ya fahimta. Cynthia Frantz ta Kwalejin Oberlin da Courtney Bennigson sun wallafa bincike a 2005 da ya nuna cewa haƙurin da ya zo bayan wanda aka ɓata wa ya samu damar faɗin abin da ke ransa, ya kuma ji an fahimce shi, ya fi gamsarwa a kan wanda aka yi gaggawar bayarwa. Ba jinkirin ne maganin ba, sauraron da aka yi a cikinsa ne. Don haka ba a ce yayan ya yi wata guda yana shiru ba, shiru ma magana ce, kuma mummuna. Zai iya aika gajeren saƙo a daren: "Abin da na yi ɗazu ba daidai ba ne. Ina so in zo in same ka gobe, in ka yarda." Wannan bai nemi yafiya ba, bai rufe maganar ba, ya dai riƙe wuri har a zauna.

Wanda ya rasa gane laifinsa fa? Wannan yana faruwa da gaske: aboki ya ja baya, kai kuma ka duba ka duba ba ka ga dalili ba. A nan ne mutane suka fi jingina da kuɗin goro, kuma ina ganin uzurinsu. Amma akwai abin da ya fi shi, wato faɗin gaskiyar halin da kake ciki. "Na lura tun ranar da muka yi maganar nan ka canja mini. Ina zaton na ɓata maka, amma ban gano da me ba, kuma ba na so in ba ka haƙurin da ban san kansa ba. Ka gaya mini." Wannan ma fayyacewa ce, ta kama sunan rana da abin da aka lura da shi. Tana ba mutumin izinin magana, alhali "ka yafe mini duk abin da na yi" tana roƙonsa ne ya yi shiru. Sharaɗin kawai shi ne rashin sanin ya zama na gaske. Yayan da ke cikin misalinmu ba shi da wannan uzurin, kuma idan ya yi kamar bai sani ba, ƙanen zai gane.

Akwai dai wuraren da ni ma zan ce a dunƙule. Idan da mutane a wurin, kuma ambaton laifin zai sake tona abin da aka tona, to a gaban jama'a a taƙaita. Yayan zai iya cewa a gaban 'yan'uwa, "Abin da na faɗa wa ƙanena ranar nan ban kyauta ba, na ba shi haƙuri", ba tare da ya sake ambaton aikin ba, amma bayan ya riga ya yi cikakkiyar maganar tsakaninsu su biyu. Haka idan cutarwar mai tsanani ce, kuma wanda aka yi wa ya nuna ba ya son a sake zayyana masa ita, son ransa ne ke gaba. Fayyacewa don shi ake yinta, ba don mai laifi ya sauke nauyin ƙirjinsa ba, kuma ana iya kama sunan laifi da kalma biyu ba tare da an bi shi daki-daki ba. Ƙananan abubuwa, irin taka ƙafa ko katse magana, "yi haƙuri" ta ishe su, dogon jawabi a kansu nauyi ne kawai. Sannan mutanen da suka shekara da shekaru tare, suka riga suka warware manyan matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, idan ɗaya ya ce wa ɗaya "ka yafe mini komai" a lokacin rabuwa ko rashin lafiya, maganar tana da ma'ana sosai, don tana zaune ne a kan haƙuri masu suna da aka riga aka bayar. Kuɗin goro yana kyau a matsayin murfi, bayan an zuba abin da za a rufe.

Akwai wani rukuni da nake tausaya wa a wannan batu, wato mutanen da ke cewa "duk laifina ne, ni ne matsalar, ban taɓa yin daidai ba" da zarar an nuna musu ɓacin rai. Ba wayo suke yi ba, tsoro ne, suna so fushin ya tsaya ko ta halin ƙaƙa. Amma sakamakon yakan juya zaman: wanda aka ɓata wa ya koma lallashi, yana cewa "a'a, ba haka ba ne, kai mutumin kirki ne", ciwonsa kuma ya ɓace a tsakiya. Ga irin waɗannan, kama suna sauƙi ne a gare su su ma. Abu ɗaya ka yi, a rana ɗaya, yana da iyaka, kuma abin da ke da iyaka ana iya gyara shi. Ba wanda zai iya alkawarin daina "komai", amma yayan zai iya alkawarin ba zai ƙara fitar da maganar da aka ba shi amana ba, kuma ƙanen zai iya sa ido ya ga ko ya cika. Tayin gyara ma daga nan yake fitowa. Sai da yayan ya ambaci matar ne tambaya ta gaba ta zo da kanta: "Kana so in same ta in gaya mata cewa kai ka ce in riƙe ne don kana shirin faɗa mata da kanka, ko in bar maka?" Wanda ya yi kuɗin goro ba zai taɓa isowa ga wannan tambayar ba, don bai bi ta hanyar da take ba. A lura kuma tambaya ce, ba shawarar da ya yanke ba. Ya riga ya shiga tsakanin miji da mata sau ɗaya ba da izini ba.

Yadda ake gane ko haƙurin ya shiga yakan ba mutane mamaki. Amsa mai sauri, mai santsi, "haba Yaya, ba komai wallahi", tare da duban gefe da sauya zance, sau da yawa alama ce ta an rufe ƙofa cikin ladabi. Haƙurin da ya taɓa wurin yakan jawo ƙarin magana, wani lokaci ma ƙarin zafi. Ƙanen zai iya yin shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, ba faɗar ce ma ta fi yi mini ciwo ba. Da na fita, ba ka biyo ni ba. Ina tsaye a waje ina jin kuna ci gaba da hira." Wannan ba ƙin karɓar haƙuri ba ne. Ya ga an zo da gaske ne, shi ya sa ya fito da abin da ke can ƙasa, wanda yayan bai ma lissafa ba. A nan yayan zai ji kamar ya ce "ai na ba ka haƙuri", ko ya fara bayanin abin da ya hana shi tashi. Abin da ya dace shi ne ya karɓi gyaran ya maimaita shi: "Ban biyo ka ba, na bar ka kai kaɗai a waje. Wannan ma ban kyauta ba." Idan ƙanen ya ce yana buƙatar lokaci, sai a ba shi, kada a tsaya a kansa ana jiran ya furta yafiya a zaman. Yayan ya tambaye shi ko zai iya kiransa bayan kwana biyu, ya kuma kira a ranar da ya faɗa.